Lissafin asarar matsi a tsohon bututun galbanaiz mai tsawon mita 1,200

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ne mai kula da ban ruwa a wata gonar noman rani da ke wajen Bukuru. Muna jan ruwa daga wani tsohon ramin kuza zuwa tanki a kan tudu ta bututun galbanaiz mai inci 3, tsawonsa mita 1,200, kuma shekararsa 15 a binne. Bakin tankin ya ɗara fuskar ruwan ramin da mita 20. Za mu sauya injin, muna son lita 6 a sakan. Na buɗe taswirar Moody na rasa layin da zan bi, kuma a wani littafi na sami `f` kusan 0.025, a wani kuma 0.006. Wanne ne daidai, kuma mita nawa zan rasa a cikin bututun?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Littattafan nan biyu ba su saɓa wa juna ba. Na farko yana ba ka adadin guga na Darcy, na biyun kuma na Fanning ne, wanda yake kashi ɗaya cikin huɗu na wancan, shi ya sa idan ka raba 0.025 gida huɗu za ka faɗa kusa da 0.006. Littattafan injiniyancin sinadarai da wasu tsofaffin littattafan Ingila sun fi amfani da ƙaramin, sai su sa 4 a gaban `f` a cikin ƙa'idar. Hanya mafi sauƙi ta gane wanda ke hannunka ita ce ka dubi miƙaƙƙen layin da ke gangarowa a hagun taswirar: idan an rubuta `f = 64/Re` a jikinsa, na Darcy ne, idan kuwa `f = 16/Re` aka rubuta, na Fanning ne. Wanda ya ɗauki 0.006 ya zuba shi a ƙa'idar da ba ta da 4 zai sami rubu'in asarar da ke akwai, ya sayi injin da ba zai kai ruwan da ake so ba. Duk abin da zan faɗa daga nan da na Darcy ne, wanda shi ne ke kan taswirar da Lewis Moody ya wallafa a 1944.

Ƙa'idar ita ce ta Darcy da Weisbach:

```
hf = f × (L/D) × V² / (2g)
```

Abin da take bayarwa, wato `hf`, matsi ne da aka auna da tsayin ruwa a mita. Idan an ce asarar ta kai mita 27, ma'anarsa ita ce injin yana shan wahalar da zai sha in da an ƙara wa tudun tankin mita 27, alhali gugar ruwa da bangon bututu ce kawai ta cinye wannan ƙarfin. `L` tsawon bututu ne, `D` faɗinsa na ciki, `V` saurin ruwa, `g` kuma ƙarfin jan ƙasa ne, wato 9.81.

Sai mu fara da bututun kamar yau aka fito da shi daga shago, domin a nan ne za ka koyi karatun taswirar. Inci 3 suna ne kawai da ake sayar da shi da shi. Faɗin ciki na irin wannan bututun yana kusa da milimita 80, kuma shi za mu yi aiki da shi, wato mita 0.08. Girman bakinsa `πD²/4` ne, wanda ya kama murabba'in mita 0.00503. Lita 6 a sakan daidai take da `0.006 m³/s`, idan ka raba ta da girman bakin za ka sami saurin mita 1.19 a sakan. Wannan sauri ne mai kyau ga layin turi, bai yi sanyin da laka za ta kwanta ba, bai kuma yi zafin da zai sa asara ta haukace ba.

Taswirar tana bukatar lambobi biyu kafin ta ba ka na uku. Ta farko ita ce lambar Reynolds, `Re = V × D / ν`, inda `ν` yake nufin kaurin ruwa, wanda a ɗumin digiri 20 ya kama `1.0 × 10⁻⁶ m²/s`. Naka ya fito kusan 95,500. Ƙasa da 2,000 ruwa yana tafiya a natse, sahu-sahu, ba tare da cuɗanya ba, kuma a can kaushin bango ba shi da tasiri ko kaɗan. Sama da 4,000 kuwa gudun ya hargitse. Kai ka wuce wannan iyaka da nisa, haka ma kusan kowane layin ruwa da ake turawa da inji, saboda haka ɓangaren hagu na taswirar ba naka ba ne. Lamba ta biyu ita ce rabon kaushi, wato kaushin bangon bututu a raba shi da faɗin ciki, `ε/D`. Jadawalin da ke tare da taswirar ya ba sabon galbanaiz kaushin milimita 0.15, idan aka raba da milimita 80 sai a sami 0.0019. Ka kula duka biyun su kasance a milimita, domin na sha ganin an raba milimita da mita, a sami 1.9, a tsaya ana neman layin da babu shi.

Yanzu ɗora takardar a gabanka. Je gefen dama, inda aka jera lambobin rabon kaushi, ka nemo 0.002, wanda shi ne mafi kusa da naka. Ɗora bakin fensir a kan layin, ka bi shi zuwa hagu yadda yake tafiya, domin a dama yana kwance ne, amma yana matsowa hagu yana lanƙwasawa sama. Ka tsaya a inda ya haɗu da layin tsaye na lambar Reynolds ɗinka. Ma'aunin ƙasan taswirar na logaridim ne, tazarar da ke tsakanin lambobinsa ba ɗaya ba ce, har ma tsakiyar 10,000 da 100,000 tana kusa da 32,000 ne maimakon 55,000. Kai ka yi sa'a, domin 95,500 yana jingine da layin 100,000 ta hagu. Daga wannan mahaɗar ne kawai za ka miƙe a kwance zuwa gefen hagu, ka karanta `f`, kuma za ka ga 0.025. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne su tashi daga 0.002 a dama su miƙe kai tsaye zuwa hagu ba tare da bin lanƙwasar ba. Wannan yana ba su kusan 0.023, wanda adadi ne na ruwan da ya fi naka gudu nesa ba kusa ba.

Sauran lissafin gajere ne. `L/D` ya zama 15,000, `V²/2g` ya zama mita 0.0726, idan ka ninka su da 0.025 za ka sami mita 27. Gwiwoyi da bawul da bawul ɗin ƙasa, ko da jimlar adadinsu na asara ta kai 10, abin da za su ƙara bai cika mita ɗaya ba, domin goma sau 0.0726 ne kawai. A bututun da tsawonsa ya ninka faɗinsa sau dubu goma sha biyar, ba a ɓata lokaci a kansu. Saboda haka a takarda injin zai ɗaga mita 20 na tudu, da 27 na guga, da ɗaya na kayan haɗi, jimla mita 48.

Idan kana son tabbatar da abin da idonka ya karanta, ka san cewa layukan nan zane ne na ƙa'idar da Colebrook ya fitar a 1939, wadda `f` yake bayyana a ɓangarorinta biyu, sai an yi ta maimaitawa kafin a warware ta. Akwai wadda Swamee da Jain suka sauƙaƙa a 1976, da kalkuleta ke warwarewa a zama ɗaya:

```
f = 0.25 / ( log10( (ε/D)/3.7 + 5.74/Re^0.9 ) )²
```

Da lambobinka tana ba da 0.0251, ita kuma ta Colebrook tana ba da 0.0249. Kada ka damu da wannan ɗan bambancin, domin ita kanta taswirar ana ɗaukar cewa tana iya kaucewa da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a bututun gaske.

To, duk wannan na sabon bututu ne, kuma a nan ne nake so ka ja birki. Mita 27 amsa ce da za ta ci maki a jarrabawa, amma ba zan bari ka sayi inji a kanta ba, domin milimita 0.15 da milimita 80 duk sifofin bututun ne na shekara 15 da suka wuce. Karatun taswirar da wuya ya jawo kuskuren da ya wuce kashi goma cikin ɗari, amma lambobin da ka shigo mata da su suna iya ninka amsar fiye da sau biyu.

Domin ka ga dalili, ya kamata ka san abin da ke sa layukan lanƙwasawa. Komai hargitsin ruwa a tsakiyar bututu, akwai wata siririyar shimfiɗa a jikin bango inda ruwan yake tafiya a natse. A bututunka, a wannan saurin, kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kuma tana ƙara sirancewa idan gudun ya ƙaru. Idan ƙurajen bango sun nutse a cikinta, kamar yadda yake a bututun roba, ruwan ba ya jin su, sai `f` ya dogara ga lambar Reynolds kaɗai, wannan shi ne layin ƙasa na taswirar da ake kira na bututu mai santsi. Idan ƙurajen sun ɗan leƙo waje, kamar na sabon galbanaiz, abubuwan biyu duk suna da hannu, kuma nan ne wurin lanƙwasar. Idan kuwa sun yi girman da shimfiɗar ba ta rufe komai nasu ba, layin yakan kwanta sarai, `f` ya daina kula da lambar Reynolds, rabon kaushi kaɗai ke juya shi. Tsohon bututun ƙarfe can yake ƙarewa.

Shi kansa `ε` ba tsayin ƙurji ba ne da za ka auna da ma'auni. A 1933 Nikuradse ya manna ƙwayoyin yashi masu girma ɗaya a cikin bututu ya auna asararsu, kuma tun daga lokacin, idan aka ce kaushin bututu milimita kaza ne, ana nufin yana jawo asara daidai da bututun da aka lulluɓe da yashi mai wannan girman. Abin da ke biyo bayan wannan yana da amfani a gare ka: hanya mafi aminci ta sanin kaushin tsohon bututu ita ce a auna asararsa a koma baya da lissafi, kallon cikinsa kuwa kusan-kusan kawai yake bayarwa.

Galbanaiz ƙarfe ne da aka yi wa rufin zinki. Idan rufin ya cinye, tsatsa takan fito a dunƙule kamar ƙananan ƙuraje, laka kuma ta sami wurin maƙalewa, ballantana ruwan rami wanda ba a tace ba. Bari mu ɗauki misali, kuma misali ne kawai har sai ka auna naka: kaushi ya kai milimita 1.5, datti kuma ya ci milimita 2 a kewayen bango, faɗin ciki ya koma 76. Rabon kaushi ya tashi zuwa 0.02, ninki goma na na da. Saurin ruwa ya zama mita 1.32 a sakan, lambar Reynolds tana nan kusa da 100,000. Ka koma taswirar ka bi layin 0.02, za ka tarar ya riga ya kwanta a wannan wurin, kuma `f` ya kama 0.049. Yanzu `L/D` ya kusa 15,800, `V²/2g` kuma mita 0.089, asarar ta zama mita 69.

Ka lura da yadda 27 ta koma 69, domin abubuwa biyu ne suka haɗu. Kaushi ya ninka `f` kusan sau biyu. Ƙuntatar bututun kuma ta ƙara kusan kashi 29 cikin ɗari a kan wannan, duk da cewa milimita 4 kawai aka rasa cikin 80. Dalili shi ne, idan yawan ruwan da ake turawa bai sauya ba, asara tana tafiya da `1/D⁵`: faɗin yana shiga sau ɗaya ta `L/D`, sannan sau huɗu ta `V²`. Babu wata lamba a cikin wannan lissafi da ke hukunta sakaci kamar faɗin ciki, kuma shi ne mutane suka fi ɗauka daga sunan bututu ba tare da sun auna ba.

Saboda haka shawarata ita ce, tunda tsohon injin yana nan, ka sa shi ya gaya maka halin da bututun yake ciki kafin a cire shi. Kana bukatar gejin matsi mai kyau wanda ya kai `10 bar`, da duro mai lita 200, da agogon wayarka. Ɗaura gejin a mafitar injin, bayan bawul ɗin da ke hana ruwa komawa. Kunna injin har ruwa ya yi ta zuba a tanki, sannan ka kashe shi, ka jira allurar ta tsaya. Abin da ta nuna shi ne tsayin tsayayyen ruwan da ke kan gejin, kuma `1 bar` daidai yake da mita 10.2 na ruwa. Idan injin yana zaune mita 2 sama da fuskar ramin, ya kamata ka ga kusan `1.8 bar`, wato mita 18. Wannan awon yana tabbatar maka da mita 20 ɗin da ka faɗa, wanda sau da yawa da ido aka ƙiyasta shi. Idan kuma ka ga allurar tana sauka a hankali, ko bawul ɗin yana yoyo ko bututun ya huje a wani wuri, kuma dole a gyara wannan kafin sauran awon ya yi ma'ana.

Sake kunna injin, ka bar shi ya daidaita, ka rubuta abin da gejin ya nuna, wani kuma a can bakin tanki ya tara ruwan a duro yana duba agogo. A yi sau uku a ɗauki matsakaici. A ce duron yana cika cikin sakan 50, wato lita 4 a sakan ke nan. Da bututun sabo ne, asarar a wannan gudun ba za ta wuce mita 12 da ɗoriya ba, gejin kuma zai tsaya kusa da `3 bar`. Idan ya lalace kamar misalin da muka ɗauka, za ka ga kusan `4.8 bar`, wato mita 49, ka cire 18 na tudu, saura mita 31 na guga. Tazarar da ke tsakanin 3 da 4.8 babba ce, ko geji mai araha zai nuna ta.

Daga nan ba ka ma bukatar sanin `ε` kafin ka amsa tambayarka. Tunda tsohon bututu yana yankin da layin ya kwanta, `f` ba ya sauyawa da gudu, asara kuma tana tafiya da murabba'in yawan ruwa. Daga lita 4 zuwa lita 6 ninki ɗaya da rabi ne, murabba'insa 2.25, sai mita 31 ta zama kusan 70. Wannan ita ce lambar da za ka kai wa mai sayar da inji, domin daga bututunka ta fito. Idan gejin ya nuna kusa da 3, alamar bututun yana da sauran lafiya, to yana cikin lanƙwasar har yanzu, ninkawa da 2.25 za ta ɗan wuce gaskiya kaɗan, kuma wucewar ta ɓangaren aminci ce.

Awon yana da iyakarsa. Geji ɗaya yana gaya maka jimlar abin da aka rasa, ba ya faɗa maka a ina aka rasa shi, kuma ba ya raba tasirin kaushi da na ƙuntata. Na taɓa zuwa wani layi a wajen gari inda aka riga aka yanke hukuncin cewa tsatsa ta cinye bututun, har an fara maganar tono shi. Da muka ɗaura geji a tsakiyar hanya, sai muka ga rabin farko yana rasa abin da ya kamata, kusan duk asarar tana rabi na biyu, a daidai inda layin ya hau wani ɗan dutse ya sake gangarowa. Iska ce ta taru a ƙololuwar, ta matse hanyar ruwa, kuma bawul ɗin fitar da iska guda ɗaya ya warware matsalar. A ƙasa irin ta Filato, inda layi ba ya tafiya mita ɗari biyu ba tare da hawa ko gangara ba, wannan ne abu na farko da nake zargi. Tsatsa tana raba asararta daidai a tsawon bututu, ta yadda rabin hanya ke cin kusan rabin asarar bayan an cire bambancin tudu. Iska, ko bawul da ba a buɗe duka ba, ko wani abu da ya toshe, suna tara asararsu wuri ɗaya. Iska kuma takan sa ruwa ya riƙa fita da tari a bakin tanki, allurar geji tana rawa. Idan kana da wurin da za ka ɗaura geji na biyu a tsakiya, yi hakan. Idan kuma akwai inda za a kwance haɗi ɗaya ba tare da wahala ba, kwance ka leƙa, ka auna faɗin da ya rage, domin da shi ne za ka iya fitar da `f` na gaske daga ƙa'idar, ka koma taswirar ka ga layin kaushin da ya faɗa a kai.

Za ka ji wasu suna cewa sanyin Jos yana sauya lissafi. Yana sauyawa, amma kaɗan ne. Ruwa mai digiri 15 a lokacin hunturu kaurinsa `1.14 × 10⁻⁶ m²/s` ne, lambar Reynolds ta sauka zuwa kusan 84,000, `f` na sabon bututun ya motsa da kusan kashi ɗaya cikin ɗari, na tsohon kuwa ko motsi ba zai yi ba. Tsayin garin, wanda ya kai wajen mita 1,200 sama da teku, ba ya taɓa asarar guga ko kaɗan. Inda yake da tasiri shi ne ɓangaren zuƙa, domin nauyin iska a nan yana ɗaga ruwa kusan mita 9 ne kawai maimakon 10.3 na bakin teku. Ka ajiye injin kusa da ruwa, ka tuna kuma fuskar ramin tana sauka a watan Maris da Afirilu, wanda yake ƙara wa mita 20 ɗinka, saboda haka da mafi ƙarancin ruwan za ka yi lissafi.

Idan awon ya nuna maka wani abu kusa da mita 70, to maganar ta tashi daga zaɓen inji ta koma kan bututun. Tura lita 6 ta cikinsa yana bukatar jimlar mita 90. Ƙarfin da ke shiga ruwan shi ne 9.81 sau 0.006 sau 90, kusan kilowat 5.3, kuma idan ingancin injin kashi 60 cikin ɗari ne, dole a ba shi kusan kilowat 9. Ban da haka, za ka ɗora matsin da ya doshi `9 bar` a kan haɗe-haɗen da tsatsa ta riga ta ci, kuma a zaren haɗi ne galbanaiz ya fi siranta. Kwatanta wannan da baƙin bututun roba mai milimita 110 a waje, wanda aka buga `PE100 SDR17 PN10` a jikinsa. Kaurin bangonsa milimita 6.6 ne, faɗin ciki ya zama 96.8. Saurin ruwa zai sauka zuwa mita 0.82 a sakan, lambar Reynolds kusan 79,000, kaushinsa kuma ƙanƙane ne har layin bututu mai santsi za ka bi, inda `f` ya kama 0.019. Asarar mita 8 ce, jimla mita 29, kuma injin da bai kai kilowat 3 ba ya isa. Bambancin kilowat 6 a kowace awa ta ban ruwa, tsawon rani guda, kai ka fi ni sanin kuɗin dizal ɗinsa, kuma a wannan ƙaramin ƙarfin ne maganar sola take fara yiwuwa.

Mai shago zai iya cewa ka ɗauki mai milimita 90 tunda shi ne takwaran inci 3 kuma ya fi araha. Bututun roba da faɗin waje ake kiransa, cikin mai 90 na wannan ajin milimita 79.2 ne, kuma asararsa a lita 6 ta kusa mita 21. Santsin robar ya rage maka mita 6 ne kawai a kan sabon galbanaiz, sauran sauƙin daga 21 zuwa 8 faɗi ne ya kawo shi. Ni kuma idan ina zayyana layin da zai ɗauki ɗanyen ruwan rami, ba na amfani da kaushin milimita 0.0015 da jadawali ke ba roba, domin santsin nan na sabon bututu ne, kuma yauƙi da laka za su kwanta a bangonsa. Nakan ɗauki wajen milimita 0.05 zuwa 0.1, wanda a bututun mai 110 yake ɗaga `f` zuwa tsakanin 0.021 da 0.023, asarar kuma ta koma mita 9 zuwa 10.

Da wannan za ka je wurin mai inji. Kada ka kalli babbar lambar tsayi da aka rubuta a allon jikin injin, domin a yawancin ƙananan injina wannan tsayin ne da yake kaiwa lokacin da ruwa ba ya fita ko kaɗan, ita kuma babbar lambar lita ita ce ta lokacin da babu tudu. Nemi takardar da ke nuna lanƙwasar aikinsa, ka sami lita 6 a sakan a ƙasanta, wanda a wasu takardun za ka gan shi a matsayin `21.6 m³/h` ko `360 L/min`, ka hau sama ka ga ko tsayin da ke wurin ya kai jimlar da awonka ya bayar. Idan ka yi awon, turo mini lambobi huɗu: karatun geji injin yana kashe, karatunsa injin yana aiki, sakan nawa duron ya ɗauka, da faɗin ciki idan ka sami damar kwance haɗi.